Awa shida daga yaushe? Fashin baƙin takardar ranar gudun fanfalaki

Takardar da masu shirya gudun fanfalaki ke fitarwa ana saura 'yan kwanaki yawanci shafi ɗaya ce ko biyu. Akwai taswirar hanya, akwai jerin titunan da za a rufe, akwai wuraren shan ruwa, da lokacin da kowane rukuni zai tashi, sai kuma wa'adin da aka ɗiba wa gudun. Mai gudu ya kan duba lokacin tashinsa ya ninke takardar. Mazaunin unguwa ya kan nemi sunan titinsa, ya yi tsaki, ya ajiye. Dukansu sun karanta kusurwa ɗaya ne na abin da a haƙiƙa lissafi ɗaya ne. Abubuwan nan duka a ɗaure suke da igiya guda, kuma bakin igiyar yana hannun wanda ya ba da izinin rufe titi, wanda ya ce ƙarfe kaza sai mota ta wuce.

Bari mu ƙaddara wani gudu na gari, irin wanda ƙungiyar 'yan sa-kai ke shiryawa, mu bi takardarsa layi-layi. Mutum 2,000 suka yi rajista. Nisan shi ne na ƙa'ida, kilomita 42 da mita 195, wanda aka fara gudu a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin ma'auni a 1921. Takardar ta ce rukunin farko zai tashi ƙarfe 6:00 na safe, na biyu 6:10, na uku 6:20. Ta ce wa'adi awa shida ne, za a rufe wurin ƙarewa ƙarfe 12:00 na rana. Akwai shingen tantancewa biyu a hanya: ɗaya a rabin tafiya, za a rufe shi 9:00, ɗaya a kilomita 30, za a rufe shi 10:15. Ruwa kuma kowace kilomita biyar.

A cikin masu gudun akwai wata mai lambar ƙirji 1742. Wannan ne karonta na farko. Ta yi wata huɗu tana atisaye, kuma ta san kanta: za ta iya gamawa cikin awa biyar da minti 45. Da ta ga awa shida a takarda sai hankalinta ya kwanta, tana ganin tana da rarar minti 15.

Inda rarar ta tafi

Gudu irin wannan yana da agogo biyu. Akwai agogon bindiga, wanda ke fara ƙirga daga lokacin da aka harba bindigar tashi ko aka busa ƙaho. Akwai kuma agogon mutum na kansa, wanda ba ya farawa sai ya taka shimfiɗar da ke kan layin tashi. A bayan lambar ƙirji akwai wata 'yar na'ura siririya kamar takarda, shimfiɗar ce ke karanta ta. A dokokin hukumar wasannin guje-guje ta duniya, lokacin da ake ɗauka a hukumance shi ne na bindiga, na biyun kuwa ana iya ba mutum don ya san abin da ƙafarsa ta yi. Ga na sahun gaba bambancin daƙiƙa ɗaya ce ko biyu. Ga na baya yana iya kaiwa rabin awa.

Mai lamba 1742 tana rukuni na uku, domin da aka tambaye ta a fom lokacin da take sa ran gamawa ta faɗi gaskiya. Rukunin nan shi ya fi yawa, mutum 800, kuma ta tsaya can wajen ƙarshensa. An sake su 6:20, amma mutum 800 ba sa wuce ƙofa mai faɗin 'yan mitoci a lokaci guda. Tafiya ake yi a hankali, kafaɗa da kafaɗa, har a kai layin. Ita sai 6:27 ta taka shimfiɗar.

To takardar ba ta ɓoye komai ba. Ta ce awa shida, ta kuma ce 12:00. Wanda ya haɗa biyun zai gane cewa daga bindigar farko ake ƙirgawa, ta ƙarfe shida, wadda aka harba tun baiwar Allah tana tsaye a layin ban-ɗaki. Daga 6:27 zuwa 12:00 awa biyar ne da minti 33. Idan ta yi gudunta yadda ta tsara, 12:12 za ta iso. Rarar minti 15 ta koma bashin minti 12.

Amma ba ma za ta kai can ba, kuma wannan shi ne wurin da ya fi kama mutane. Masu shiryawa sun raba awa shidan nan daidai wa daida a kan hanya, shi ya sa rabin tafiya ya faɗo a 9:00. Ita da ta tashi 6:27 tana da awa biyu da minti 33 ta ci kilomita 21 da ɗoriya. Wannan na nufin kowace kilomita cikin minti bakwai da daƙiƙa 15. Gudun da ta saba kuwa, wanda ta gina atisayenta a kai, minti takwas ne da daƙiƙa 11. Da wannan takun za ta iso shingen farko wajen 9:20, ta tarar an ja igiya tun minti 20 da suka wuce, mota na jiranta a gefe.

Abin lura shi ne bashin minti 27 ɗin nan da ta taso da shi ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, amma nauyinsa ya dogara da nisan da aka ba ta ta biya shi. A kilomita 42 ana iya watsa shi, ya zama kamar daƙiƙa 40 a kowace kilomita. A kilomita 30 ya fi matsi: tana bukatar minti bakwai da daƙiƙa 36. A rabin tafiya ya fi haka. Da a ce akwai shinge a kilomita goma da aka lissafa ta wannan hanyar, 7:25 zai rufe, sai ta yi kilomita goma cikin minti 58, abin da mai gudun awa huɗu ke yi. Saboda haka ga wanda ya tashi a baya, shingen farko shi ne mai wuya. Mutane kan zuba ido a kan lokacin ƙarewa, alhali hukuncin tun da hantsi ake yanke shi.

Manyan gasa ma kowacce da tsarinta, shi ya sa ba a ɗauko sabon wani gari a kai wani. Gudun Tokyo yana ba da awa bakwai, amma daga bindiga ake ƙirgawa, kuma akwai shingaye da yawa a hanya da ake rufewa a kan lokaci. Gudun Comrades na Afirka ta Kudu, tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wanda ya ninka fanfalaki nisa, awa goma sha biyu ne daga bindiga, kuma idan lokaci ya cika ana tare layin ƙarewa ko da mutum saura masa taku uku. Gudun Honolulu kuwa ba shi da wa'adi, ana jiran na ƙarshe. Duk wanda ya riƙi takarda, tambayarsa ta farko ita ce: awa kaza ɗin nan, daga yaushe?

Me ya sa ba za a tashi gaba ɗaya a huta ba

Wani zai ce to a bar rukuni-rukunin mana, kowa ya tashi ƙarfe shida. Ko an yi haka na baya ba zai taka layi ƙarfe shida ba, domin faɗin titi shi ne faɗin titi. Abin da zai ƙaru shi ne turereniya. Mai sauri da ya maƙale a bayan masu tafiya a hankali zai riƙa kutsawa, yana hawa gefen titi yana sauka, kuma a nan ake yin tuntuɓe a taka mutum. Rukuni yana jera mutane ne bisa saurinsu, masu sauri a gaba, ta yadda da an tashi sahun zai riƙa miƙewa da kansa, ba mai cin karo da wani.

Tazarar minti goma tsakanin rukunai ba wurin tashi kaɗai ake yi wa ba. Ana yin ta ne saboda wuri mafi ƙunci a farkon hanya, wata gada ko wata kwana mai tsanani, da kuma teburin ruwa na farko. A kilomita biyar sahu bai gama warwatsuwa ba. In mutum 2,000 suka iso teburin cikin minti 20, mutum ɗari ke nan a kowane minti, kowa da hannu a miƙe. Rabawa rukuni uku tana ba masu zuba ruwa damar sake cika tebur kafin guguwa ta biyu ta iso.

Akwai layi ɗaya a wannan sashe da ake yawan tsallakewa: lokacin rufe shiga rukuni. Takarda kan ce a kasance cikin shingen rukuni minti 15 ko 20 kafin tashi. Wanda ya makara ba ya shiga nasa rukunin, sai a mayar da shi na baya, ya gaji bashin da bai shirya masa ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ana iya komawa rukunin baya, ba a iya tsallakawa na gaba, kuma launin lambar ƙirji shi ke tona mutum. Ni dai ina ganin wanda ya ƙara wa kansa sauri a fom don a sa shi gaba ya cuci na bayansa, ya kuma cuci kansa, domin sahu zai ja shi ya fara da gudun da ba nasa ba, ya biya a kilomita 30. Sai dai in aka tsara wa'adi yadda misalinmu ya nuna, masu shiryawa da kansu ne suka koya wa mutane wannan ƙaryar.

Titi, da wanda ba ruwansa da gudu

Wa'adi ba mugunta ba ce, daga titi ya fito. Masu shiryawa sun nemi izini daga hukumar gari da 'yan sanda, an ba su wasu awoyi, an ce daga nan motoci za su dawo. Daga wannan lokacin ake lissafi da baya-baya: yaushe na ƙarshe zai bar wannan titin, yaushe za a kwashe kofuna da shingaye, yaushe jami'in da ke mahaɗa zai tashi.

Ba a rufe kilomita 42 duka daga asuba zuwa azahar, sai in hanyar zagaye ce da ake maimaitawa. Abin da aka fi yi shi ne rufewa mai tafiya: ana rufe titi gabanin na gaba, ana buɗe shi bayan na ƙarshe. Sahun masu gudu kamar roba yake, yana ƙara tsawo yadda tafiya ke nisa. A ce na gaba a gudunmu mai awa biyu ne da minti 20. Zai wuce kilomita 15 wajen 6:50, na ƙarshe kuma wajen 8:30. Ƙasa da awa biyu ke nan. A kilomita 40 kuwa na gaba zai wuce kimanin 8:13, na ƙarshe sai 11:40. Kusan awa uku da rabi. A ƙara rabin awa ko fiye kafin isowar na gaba don jera shingaye, a ƙara wani abu bayan na ƙarshe don shara. Shi ya sa mazauna kusa da ƙarshen hanya su ne ke shan wahalar rufewa, kuma su ya kamata a fara sanarwa, a kuma fi yi musu bayani.

Jerin tituna mai kyau yana faɗin abu huɗu a kan kowane titi: daga ina zuwa ina aka rufe, hannu ɗaya ne ko duka biyun, ƙarfe nawa za a rufe, ƙarfe nawa ake sa ran buɗewa. Kalmar "ake sa ran" tana da aiki, domin jami'in da ke wurin ba ya buɗewa sai motar kwashe, wadda ke bin bayan sahu tana ɗaukar waɗanda wa'adi ya cim musu, ta wuce shi, ko da agogo ya cika. Wanda ke da jirgi ko asibiti a ranar, kada ya ɗora tafiyarsa a kan mintin da aka rubuta.

Abin da mazauni ya fi bukata kuwa sau da yawa ba ya cikin jerin, a taswira yake. Idan hanyar gudun ta yi zobe, duk wanda gidansa ke cikin zoben a kulle yake, ko da sunan titinsa bai fito ba ko sau ɗaya. Ya duba inda aka sa wuraren tsallakawa. Na masu ƙafa jami'ai ne ke buɗewa idan sahu ya yi giɓi, kuma a lokacin da tsakiyar sahu ke wucewa giɓin yana iya ɗaukar minti goma bai zo ba. Na mota sun fi ƙaranci, wani lokaci babu sam. Mafita ita ce a fitar da mota waje da zoben tun daren jiya. Haka kuma takarda kan hana ajiye mota a kan hanyar gudun tun daga dare, awoyi da yawa kafin rufewa, kuma wannan layin ne ke sa mutum ya tashi da safe ya tarar an janye motarsa. Motar asibiti da ta kashe gobara ba a hana su, ana tsayar da masu gudu su wuce, kuma takarda mai hankali tana ba da lambar waya ta ranar don irin wannan.

Shi ma mai gudu rufe titin ya shafe shi kafin ya fara. Titunan da ke kewaye da wurin tashi su ake fara rufewa, sau da yawa awa ɗaya ko biyu kafin bindiga. Wanda ya lissafa tafiyarsa da yadda hanya take ranar da ba komai zai tsinci kansa yana saukowa daga mota kilomita biyu daga wurin, yana gudun da ba a ƙirga masa ba.

Ruwa kowace kilomita biyar

Dokar hukumar duniya ta ce a samar da ruwa a wurin tashi da wurin ƙarewa, da kuma a hanya a tazarar kimanin kilomita biyar, a ƙara idan yanayi ya bukata. Saboda haka takardarmu ta cika ƙa'ida. Amma jiki ba ya ƙirga ƙishirwa da kilomita, da minti yake ƙirgawa. Na gaba yana cin kilomita biyar cikin minti 17. Mai lamba 1742 sai ta yi minti 41. Shi yana gamawa kafin rana ta ɗaga, ita kuwa kilomitocinta na ƙarshe a tsakar rana za ta yi su. Tazara ɗaya ce a takarda, a jiki kuwa ta ninka tasa har da ƙari. Mai gudun fiye da awa biyar, idan ya ga kilomita biyar-biyar kuma ana sa ran zafi, ya riƙe 'yar gorarsa ya riƙa cikawa a tebur.

Ta ɓangaren masu shiryawa lissafin mai sauƙi ne a fuska. Mutum 2,000, kofi biyu kowanne, kofi 4,000 a tebur guda. In ana zuba mililita 150 a kofi, lita 600 ke nan. Ana zuba kofi rabi ne da gangan, domin cikakken kofi a hannun mai gudu rabinsa a ƙasa yake ƙarewa. Wurin da lissafin ke rushewa shi ne ranar zafi, domin na gaba da na tsakiya ba sha kaɗai suke yi ba, suna kwarara wa kansu, mutum ɗaya ya ɗauki kofi huɗu ko biyar. Kafin na baya su iso, su da suka fi daɗewa a rana, tebur ya bushe. A gudun Shikago na ranar 7 ga Oktoba 2007 zafi ya kai digiri 31, masu gudu da yawa na baya suka koka cewa sun tarar da tebura babu ruwa, aka kuma dakatar da gudun kafin a kammala. Wani tarkon kuma shi ne hanyar da ake zuwa a dawo ta kanta. Tebur ɗaya yana iya zama na kilomita 15 a tafiya, na kilomita 30 a dawowa. A takarda wurare biyu ne, a ƙasa randa ɗaya ce.

Akwai 'yan abubuwa da takarda ya kamata ta faɗa a nan, in ba ta faɗa ba a tambaya. Ruwa zalla ne ko akwai abin sha mai gishiri da sukari, kuma a waɗanne tebura? A kofi ne, a leda, ko a gora? A wane hannun titi? Sannan ƙarfe nawa kowane tebur zai tashi? Na ƙarshen nan shi ke haɗa ruwa da wa'adi, domin teburin yana kan titin da za a buɗe wa motoci. Da motar kwashe ta wuce, 'yan sa-kai sun fara naɗe kaya.

Dabarar tebur kuwa ƙarama ce: kada a tsaya a na farko. Tebura kan kai huɗu ko biyar a jere, kowa na rububin na farko, na ƙarshe babu kowa. A matse bakin kofi ya zama kamar mazurari, a sha ana tafiya, kuma kada a ci birki a tsakiyar hanya, a fita gefe tukuna.

Sai dai kada tsoron ƙishirwa ya kai mutum ga ɗaya ramin. Masu gudu a hankali su suka fi faɗawa cikinsa, saboda suna da lokacin tsayawa su sha a kowane tebur, kuma ba sa zufa kamar na gaba. Idan ruwan da aka sha ya fi wanda jiki ya fitar, gishirin sodiyam da ke cikin jini yana tsarma. A wani bincike da aka yi kan masu gudun Boston na 2002, an gwada jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa da ƙa'ida, kuma abin ya fi kama waɗanda nauyinsu ya ƙaru a lokacin gudun da waɗanda suka wuce awa huɗu. Alamominsa suna ruɗarwa domin sun yi kama da na ƙishirwa: ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa. Abin da ke bambanta su shi ne kumburin yatsu, zobe ko agogo ya matse, ciki yana kwalam-kwalam da ruwa, ga shi mutum ya sha a kowane tebur. Irin wannan ba ruwa za a ƙara masa ba, wurin ma'aikatan lafiya za a kai shi. Don haka alamar wuraren jinya a taswira ta cancanci a duba ta kamar yadda ake duba ta ruwa.

Motar kwashe, da agogon hannu

A bayan sahu akwai mota mai tafiya da saurin wa'adi. Idan ta cim ma mutum, ko ya iso shinge bayan an rufe, me ke faruwa? Nan ma takardu sun sha bamban. Wasu sun ce dole a hau mota, a cire lamba. Wasu sun ce ana iya ci gaba a gefen titi a matsayin mai tafiya a ƙasa, amma daga nan babu ruwa, babu jami'i a mahaɗa, babu alamar hanya, kuma wataƙila babu lambar yabo ko suna a jerin sakamako. Wanda zai zaɓi ci gaba ya tabbata ya san hanya da kansa, yana da ruwansa da wayarsa. Sanin hanya ba na na baya kaɗai ba ne: a gudun Venice na 2017 babur ɗin da ke jagora ya bi wata hanya daban, na gaba suka bi shi, kafin su dawo an wuce su.

Wani ƙaramin abu da ke cinye minti a kusa da shinge shi ne agogon hannu mai auna nisa. Masu awo suna auna hanya da keke mai na'urar ƙirga juyin taya, suna bin layi mafi gajarta da mai gudu zai iya bi, suna yanke kowace kwana, sannan su ƙara mita ɗaya a kowace kilomita don kada hanya ta gaza. Ba wanda ke iya bin wannan layin a cikin cunkoso. Ana kauce wa mutane, ana fita wajen tebur, ana zagaya kwana da faɗi. Shi ya sa agogo kan nuna kilomita 42 da rabi ko fiye a ƙarshe. Mita 400 a gudun minti takwas sun haura minti uku. Shinge yana inda allon kilomita yake, ba inda agogo ya yi ƙara ba.

Komawa ga mai lamba 1742

Da ta zauna da takardar mako guda kafin ranar, da biro a hannu, aikin minti biyar ne. Ta ɗauki lokacin tashin rukuninta, ta ƙara minti bakwai zuwa goma na isa layi. Ta ɗora saurinta a kai, ta fitar da ƙarfe nawa na agogon bango za ta isa kowane shinge. Ta ajiye wannan kusa da lokacin rufewa. Nan take za ta ga 9:20 a gefen 9:00.

Daga nan zaɓinta kaɗan ne, amma akwai. Tana iya shiga shingen rukuninta da wuri ta tsaya a sahun gaba, ta taka layi 6:21. Wannan ya rage minti shida, bai isa ba. Tana iya ƙoƙarin cin rabin farko da minti bakwai da kwata, wanda ga mai minti takwas hanya ce ta tsayawa cak a kilomita 28. Tana iya komawa gudun rabin nisa idan akwai shi a ranar. Ko kuma ta rubuta wa masu shiryawa ta tambaye su kai tsaye ko wa'adin daga bindigar farko ne ko daga na ƙarshe da ya taka layi, domin sau da yawa wanda ya tsara takardar bai zauna ya yi wannan lissafin ba, ya dai raba shida biyu ne ya rubuta.

Gyaran a wurinsu ba mai yawa ba ne. A fara ƙirga awa shida daga 6:30, lokacin da na ƙarshe ya bar layi. Shingen rabin tafiya ya koma 9:30, na kilomita 30 ya koma 10:45, wurin ƙarewa 12:30. Kuɗinsa shi ne rabin awa ƙari a kan kowane titi, wanda sai an koma wurin hukuma an roƙa, an kuma sake buga takardar mazauna. Idan hukuma ta ce sha biyu ba ƙari, to a matso da bindigar farko zuwa 5:30, a sa fitilu a wurin tashi, a nemi 'yan sa-kai su fito tun duhu. Idan wannan ma bai yiwu ba, a rubuta a fili cewa 'yan rukuni na uku awa biyar da rabi gare su, tun kafin mutum ya biya kuɗin rajista. Da gyaran farko, mai lamba 1742 za ta wuce rabin tafiya da rarar minti goma, ta wuce kilomita 30 wajen 10:33, ta taka layin ƙarewa 12:12, saura minti 18 a naɗe shimfiɗa.